Takarda ta Arba'in da Uku

Ran Asabar da hantsi aka yi jarrabawar, a wani aji da furoje, wato shirin tallafin noma, ya ara a wata makaranta can gindin dutse, a Dogon Dutsi. Mutum goma sha biyu ake nema, waɗanda za su shiga ƙauyukan Tibiri da takardun tambayoyi su ƙiyasta geron bana kafin a kai shi rumbu. Odette ce ta tsare ajin. Ita ce mai kula da ɗaukar ma'aikata a buro, ofishin furojen, shekararta shida tana wannan aiki, kuma an san ta da tsanani a kan lissafi. Ta tsaya bakin ƙofa tana duba katin kowa, kowa ya sa hannu a listi, mutum arba'in da biyu. Ta raba takardu, ta ba su minti arba'in, ta karɓe, ta zuba a ambulan ta liƙe a gabansu.

Ran Litinin ta buɗe ambulan a buro, ta ƙirga, ta samu arba'in da uku.

Ta sake ƙirgawa tana lasar yatsa, bai canza ba. Kopi arba'in da biyar aka buga, ga guda biyu da suka rage babu rubutu a kansu, suna cikin jakarta tun ran Asabar. Ke nan da hannunta ta miƙa wa wani takardar. Ta jera su bisa tebur tana bin listi suna bayan suna, har ɗaya ta rage wadda ba ta da gurbi. A samanta an rubuta Is'haƙa Marwa, da rubutu mai tsabta irin na malaman makaranta, wanda ke tsaye kamar an auna shi da zare.

Ta ce bari ta gyara su duka tukuna, ta ga abin da zai fito. Ta ɗauko takardar amsoshi da shugaban buron, Landry, ya ba ta, ta ɗauki jan biro.

Tambayoyi ashirin ne, rabi jerin lambobi, rabi zane. Ta tara ita ce ta kayar da mutane da yawa. Murabba'i biyar ne a jere, kowanne da ɗigo a kusurwa ɗaya: sama hagu, sama dama, ƙasa hagu, ƙasa dama, sai kuma ƙasa dama. Ana son na shida. Wasu sun ɗauka injin buga takardu ne ya maimaita zane, har wani ya rubuta haka a gefe. Mai takardar da ta rage kuwa ya sa ƙananan lambobi tsakanin zanen: 1, 2, 3, 4, 5. Ɗigon yana zagayawa ne yadda hannun agogo ke tafiya, taki ɗaya, sannan biyu, sannan uku. Taki huɗu ya kewaya da shi ya dawo inda yake, shi ya sa na huɗu da na biyar suka zama iri ɗaya. Taki biyar zai kewaya ya ƙara ɗaya, ya sauka ƙasa hagu. Can ya sa ɗigonsa, kuma haka amsar Landry ta ce.

Duk ya ci, sai ta sha huɗu. Jerin shi ne 1, 2, 4, 7, 12, sai gurbi. Takardar Landry ta ce 17, kuma mafi yawan mutane 17 suka sa. Shi ya sa 20. Odette ta ɗaga biro za ta soke, sai ta ga ya yi 'yar alama ƙarƙashin kowace lamba, kamar mai duba awaki a bakin garke, kuma a gefe ya rubuta: 1 da 2 da ɗaya, 4. 2 da 4 da ɗaya, 7. 4 da 7 da ɗaya, 12. 7 da 12 da ɗaya, 20.

Ta ajiye biron. Ta gwada dokar Landry da kanta. A ƙara ɗaya, biyu. A ƙara biyu, huɗu. A ƙara uku, bakwai. A ƙara huɗu, sha ɗaya. Amma sha biyu ke rubuce a takardar, ba sha ɗaya ba. Dokar ta bi lambobi huɗu lafiya, ta karye a ta biyar, kuma ba wanda ya tsaya ya duba, har ita da ta kai takardar wurin bugawa.

Cikin sauran arba'in da biyun, mutum ɗaya ce kawai ta sa 20. Ta fara rubuta 17, ta soke shi da layi biyu, ta sa 20 a sama. Sunanta Rakiya Marwa, daga Angwal Ƙirya, bayan Kiyeshe.

Landry yana shan shayi lokacin da ta shiga da takardun biyu. Mutum ne mai saurin magana, ba mugu ba, amma ba ya son a nuna masa kuskure da safe. Ya duba lissafin, ya yi tsaki.

"To, hannuna ne ya zame. Daga kaina na rubuta ta ran Laraba, sha ɗaya nake nufi na sa sha biyu, na ƙara biyar a kai ban duba ba. A soke tambayar, shi ke nan."

"Shef, ba a soke ta haka," in ji Odette. "Abin da aka buga shi aka tambaye su, kuma yana da doka da ta hau kowace lamba. Wanda ya same ta ya ci. Yarinyar nan tana da sha huɗu, ita ce ta sha uku a jeri. Na sha biyu, Shu'aibu Alhassan, yana da sha biyar, kuma 17 ya sa. In aka gyara, ita ta koma sha biyar, shi sha huɗu."

Landry ya ɗauki takardar Is'haƙa ya juya ta gaba da baya.

"Kin kuwa ga abin da nake gani? Sunan uba ɗaya, amsa ɗaya, kuma ba ya cikin listi. Ta shigo da ɗan'uwanta ne ya zauna yana ba ta amsa. Ke kuma kina tsaye."

"Ba wanda ya wuce ni a ƙofa."

"To takardar daga sama ta faɗo? Ki tafi ki gano. In maguɗi ne, ba ta shiga ko da ashirin ta ci."

Washegari suka kama hanya da Abdulwahid, direban buron. Saurayi ne mai gajeren wando da gemu, yana da shagon kayan waya a kasuwa, kuma ba ya barin zancen iskoki ya wuce gabansa bai tanka ba. Odette ta ba shi labari a hanya, ya yi dariya.

"Madam Odette, ke ma da coci da komai? Wani ne yat tsallako ta taga. Yaran yanzu ba abin da ba su iyawa."

Ta ce masa tagogin ajin duk da ƙarfe a jikinsu. Bayan Kiyeshe suka bar hanyar jan ƙasa suka shiga rairayi. Gero ya fi motar tsawo ta kowane gefe, kawunansa sun yi nauyi, ba iska ko kaɗan. Rana tana tsaka suka isa. Garin shiru, kowa yana gona, sai tantabaru a kan wani rumbu. Wata mata mai ɗauke da tulu ta tsaya, Odette ta tambaye ta gidan su Is'haƙa Marwa. Matar ta dube ta, ta dubi motar, ta nuna wani gida da haɓa, ta wuce da sauri har ruwan na zuba a kafaɗarta.

Wata tsohuwa suka tarar zaune a inuwar ɗaki tana ɓarar gujiya a ƙwarya. Siririya ce, da zane baƙi, da tsagar Arewa a kumatunta. Ta amsa sallamar ba ta tashi ba, ta sa aka shimfiɗa musu tabarma. Wata budurwa ta fito daga madafa da ruwa a kwano, ta ga Odette, ta tsaya cik.

"Madam," ta ce. Rakiya ce. Odette ta tuna fuskarta, a benci na biyu daga gaba ta zauna.

Bayan gaisuwa Odette ta ce, "Inna, Is'haƙa muke nema. Ɗanki ne?"

"Ɗana na. Na fari."

"Yana gona?"

Tsohuwar ta ci gaba da ɓarar gujiyarta. "Yana can bayan gari, gindin ƙirya. Damana biyu ke nan. Sanƙarau, kwana ukku."

Abdulwahid ya yi salati a hankali.  Odette ta buɗe jaka ta fito da takardar, ta miƙa wa Rakiya. Yarinyar ta karɓa, ta dubi sunan, ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga wani ɗaki da ke rufe da asabari, ta fito da littattafan rubutu guda huɗu ɗaure da tsumma.

Is'haƙa shi ne mushen lakwal ɗin garin, in ji ta, wato malamin makaranta, na kwantaragi. Sau uku yana zama jarrabawar shiga aikin gwamnati a Dosso, kullum ya ci lissafi, wani abu ya hana. Da yamma yakan zaunar da ita nan tsakar gida yana ba ta jerin lambobi a ƙasa da tsinke. Odette ta buɗe littafin farko ta ajiye kusa da takardar. Bakwai ɗinsa iri ɗaya, da ɗan ƙugiya a kai. Alamar nan ƙarƙashin kowace lamba, shafi bayan shafi. Abdulwahid ya leƙo ta kafaɗarta, ya daɗe yana kallo.

"Ana kwaikwayon rubutu," ya ce, amma muryarsa ta sauka. "Ita ma tana iya rubuta biyu."

"Cikin minti arba'in, a benci na biyu, ina kallonta?" in ji Odette. Ta juya ga Rakiya. "Ki gaya mini gaskiya, don aikinki na kan wannan. Wa kika zo da shi ran Asabar?"

"Wallahi Madam ni ɗaya niz zo. Kabu-kabu ya aje ni bakin makaranta."

"To me ya sa kika soke sha bakwai?"

Rakiya ta dubi uwarta, ta sunkuyar da kai.

"Na rubuta, na wuce gaba. Sai nij ji an ƙwanƙwasa bencina sau biyu, nan kusa da hannuna. Haka Yaya ka yi min in na tsallake lamba ban gwada ta ba. Ba ya magana, sai dai ya buga ƙasa da tsinke sau biyu. Na ɗaga kai, ke kina can wajen allo, ta kusa da ni tana rubutunta. Sai na koma na bi su ɗaya ɗaya. Na ga bakwai da huɗu ba su ba da sha biyu. Na duba tazarar, ɗaya, biyu, ukku, biyar, na ga kowace tazara biyun da sunka gabace ta ne an haɗa. To ta gaba takwas, sha biyu da takwas ashirin."

Odette ta lura ba hanyar da ke takardar Is'haƙa ta bi ba. Hanya biyu ne, suka haɗu a amsa ɗaya. Wanda aka ba amsa a ɓoye ba ya zuwa da hanyarsa. Duk da haka ta tsinci wani tsinke, ta share rairayi da tafin hannu, ta rubuta 2, 5, 11, 23.

Rakiya ta durƙusa. Ta rubuta 3, 6, 12 a ƙarƙashi, ta ce tazarar ninkawa take, ta gaba ashirin da huɗu, amsa arba'in da bakwai. Ba ta tashi ba, ta sake bi ta wata hanya, tana taɓa kowace lamba da yatsa: biyu sau biyu da ɗaya, biyar, biyar sau biyu da ɗaya, sha ɗaya, sha ɗaya sau biyu da ɗaya, ashirin da uku. Sannan ta rubuta 47.

Duk wannan tsohuwar ba ta ɗaga kai ba. Sai da suka miƙe za su tafi ta yi magana, kamar da gujiyar take.

"Ran Juma'a da marece na ji motsi ɗakinai, kamar mai neman abu cikin takardu. Na ce, in rakiyar ƙanwarka za ka, ka tahi lahiya, amma kak ka tsoratar min da ita. Mu mutanen Lugu, da munka gaji sha'anin iskoki, ba mu gardama da irin wanga."

"Inna, ki ji tsoron Allah," in ji Abdulwahid. "Wanda ya mutu ya mutu. Ba ya dawowa."

"Ban ce maka ya dawo ba, ɗana. Na gaya maka abin da nij ji."

Odette ta miƙa mata takardar, ko za ta so ta taɓa. Tsohuwar ta janye hannunta cikin zane.

"Ku anka ba. Ku riƙe abinku."

A hanyar komawa Abdulwahid bai kunna wa'azin da ya saba kunnawa ba. Sun kusa Dutsi ya ce shaiɗan yana iya ɗaukar kamar kowa, kuma ya kamata a yi wa matar nan nasiha. Can kuma ya tambaya ko Madam ta tabbata tagogin duk da ƙarfe. Ta ce ta tabbata.

Landry ya saurare ta har ƙarshe, yana juya makullin mota a yatsa. Ta nuna masa hoton shafin littafin a wayarta, da hoton lissafin da Rakiya ta yi a ƙasa. Ya ce shi ba zai rubuta wa manyansa a Yamai cewa mamaci ya zauna jarrabawa ba, kuma kada ya ji zancen a bakin kowa. Amma ya ja takardar amsoshin, ya soke 17 da hannunsa, ya sa 20, ya sa hannu a gefe. Aka sake lissafin kowa. Ran Alhamis aka liƙa suna goma sha biyu a ƙofar buro, na Rakiya a ciki, na Shu'aibu babu.

Ran Juma'a da safe Shu'aibu ya zo. Magidanci ne mai kimanin shekara talatin da biyar, ya taɓa yin irin wannan aiki da wani furoje, kuma wani ya riga ya tsegunta masa cewa da farko yana ciki. Ya tsaya gaban teburin Odette, hularsa a hannu, ransa a ɓace amma yana riƙe da ladabi.

"Madam, an ce an canza amsa bayan an gama. Wanga ba daidai ba ne."

Ta ba shi kujera, ta rubuta jerin a farar takarda, ta ce ya faɗa mata dokarsa. Ya ce a ƙara ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta miƙa masa biro ta ce ya bi da ita daga farko. Ya bi, ya kai bakwai, ya ƙara huɗu, ya tsaya. Ya dubi sha biyun nan ya daɗe. Ta nuna masa ɗaya hanyar, ya bi ta da bakinsa a hankali har ashirin, ya ajiye biron.

"Haka ne," ya ce. "Gaggawa ta ci ni." Ya sa hularsa, ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo. "Ni dai na san dogon nan ya ci. Shi bai yi gaggawa ba."

"Wane dogo?"

"Wanda munka zauna benci ɗaya, can baya wajen taga. Mai farar riga, hannunai duk alli kamar daga aji ya hito. Ke da kanki kin ba mu takarda, ni da shi."

Odette ta tuna bencin. Ta tuna Shu'aibu zaune a gefe ɗaya, ya matsa can bakin katako ya bar wuri, har ta yi mamakin mutum shi kaɗai da zai takure kansa haka. Ba ta tuna ta ajiye takarda biyu ba, ba ta kuma iya rantsuwa cewa ba ta ajiye ba.

"Ya yi maka magana?" ta tambaya.

"A'a. Na yi mai sallama, ya ɗaga kai kawai. Sau ɗaya yat tashi ya yi gaba wajen benci na biyu, na ce yanzu Madam za ta kore shi, ba ki ce komai ba, ya dawo ya zauna. Benci ya yi sanyi wajenai, har na ji daɗin zama nan da zahin ga." Ya dube ta. "Lahiya, Madam? Ko ba ya cikin waɗanda anka ɗauka?"

"Ba ya ciki," ta ce.

"Kai. To in irin wannan bai shiga ba, ni mi zan ce." Ya yi sallama ya fita.

Ta zauna ita kaɗai a buron, fanka tana juyawa, masu tallan ƙosai suna wucewa a waje. Ta jawo aljihun tebur ta dubi takardar Is'haƙa. A lissafin da aka gyara ashirin bisa ashirin ta ci, kuma ba a rubuta makin ba. Ta ɗauki jan biro ta rubuta shi a kusurwa kamar na kowa, ta sa ta cikin ambulan ɗin sauran, ta kai ma'ajiya.

Rakiya ta fara aiki farkon watan da ya biyo baya, aka ba ta ƙauyuka bakwai a kudancin Tibiri. Takardunta sukan iso a makare da kwana ɗaya ko biyu, Landry yana ƙorafi, amma ba a taɓa mayar mata da ko ɗaya don gyara ba. Da wani cikin goma sha biyun ya samu aiki a Gaya ya tafi, Odette ta kira Shu'aibu ya maye gurbinsa. Ita da Rakiya sun sha haɗuwa a buro ranar kawo rahoto, su gaisa, ta tambayi lafiyar Inna, Rakiya ta ce tana gaishe ta. Zancen bai taɓa wuce nan ba.